Yadda ake gyara kundin ƙa'idojin kamfani ba tare da karya doka ba

Duk kamfanin da aka yi wa rajista yana da kundin ƙa'idojin da ke tafiyar da harkokinsa na cikin gida. A tsarin dokar Birtaniya da ƙasashen da suka gaje ta, irin su Najeriya, doka na ɗaukar wannan kundi a matsayin yarjejeniya tsakanin kamfani da masu hannun jari, da kuma tsakanin su kansu masu hannun jarin. Shi ya sa darakta ba shi da hurumin ɗaukar alƙalami ya sauya layi ɗaya a cikinsa, ko da shi ne ya kafa kamfanin.

A ciki ake samun yadda ake naɗa daraktoci da tsige su da iyakar ikonsu, ire-iren hannun jari da haƙƙin kowanne, yadda ake sayar da hannun jari ko miƙa shi ga magada, yadda ake kiran taro, mutum nawa ne za su hallara kafin taro ya zauna, yadda ake kaɗa ƙuri'a, da yadda ake rabon riba. Da yawa daga cikin ƙananan kamfanoni samfurin da hukumar rajista ta tanada suke ɗauka, ba sa sake duba shi sai ranar da saɓani ya taso.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Kamfani ne mai hannun jari 1,000 na mutum uku. Na farko yana da 500, na biyu 300, na uku 200. Na farko yana son a ƙara sharaɗi cewa duk wanda zai sayar da hannun jarinsa sai ya fara yi wa sauran tayi kafin ya nemi mai saye a waje.

Matakin farko: a karanta kundin da ke aiki yanzu

Ina nufin kwafin da ke hannun hukumar rajista, tare da duk gyaran da aka taɓa yi masa. Tsohon kwafin da ke cikin durowar ofis na iya zama an daɗe da wuce shi. A duba ko sashen da ake son taɓawa an ɗaure shi da wani sharaɗi mai tsauri. Dokar Kamfanoni ta Birtaniya ta 2006, alal misali, ta yarda a rubuta cewa wani sashe ba zai sauya ba sai kowa ya amince. A kuma duba ko akwai wata yarjejeniya ta daban tsakanin masu hannun jari, don gyara na iya halatta a dokar kamfani amma ya saɓa wa waccan yarjejeniyar, a ƙare da biyan diyya.

Mataki na biyu: a rubuta gyaran kalma da kalma

Bai isa a ce "za a gyara sashen sayar da hannun jari" ba. Sai a faɗi lambar sashen da za a soke, a kawo sabon rubutun da zai maye gurbinsa. A misalinmu, dole sabon sashen ya faɗi kwana nawa tayin zai tsaya, wa zai yi wa hannun jarin kuɗi idan ba a daidaita ba, da yadda za a raba idan mutum biyu suka nuna suna so. Idan aka bar ɗaya daga cikin waɗannan, an shuka rigimar gobe. Daraktoci su zauna su amince da daftarin, su tsayar da ranar taro.

Mataki na uku: sanarwa

Kowane mai hannun jari da ke da haƙƙin halarta sai an aika masa, har wanda aka san zai yi adawa. A Najeriya, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, kwana 21 ake bayarwa. A Birtaniya kamfani mai zaman kansa na ba da kwana 14, ban da ranar aikawa da ranar taro. Sanarwar ta ƙunshi cikakken rubutun ƙudurin, ta kuma bayyana cewa ƙuduri ne na musamman. A nan ne gyare-gyare da yawa ke rushewa, domin abin da aka zartar a taron da ba a kira shi bisa ƙa'ida ba, kotu na iya soke shi.

Mataki na huɗu: ƙuri'a

Ƙuduri na musamman yana buƙatar aƙalla kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa, ba na duka hannun jarin kamfani ba. Wannan bambanci shi ke yanke hukunci a misalinmu. Idan duka ukun sun zo, mai 300 ya ƙi, masu goyon baya na da 700 cikin 1,000, wato kashi 70, ƙuduri ya faɗi. Idan mai 200 ne ya ƙi, an samu kashi 80, ya wuce. To idan mai 300 ya yi fushi ya ƙaurace wa taron, bai kuma turo wakili ba fa? Muddin adadin da ake buƙata don zaman taro ya cika, ƙuri'u 700 aka kaɗa kuma duka sun goyi baya, ƙudurin ya wuce. Ƙaurace wa taro ba ya hana gyara, sai ma ya sauƙaƙa shi. Mai adawa ya zo, ko ya naɗa wakili a rubuce.

Akwai kuma batun yadda ake ƙirga. A ɗaga hannu, kowane mutum ƙuri'a ɗaya gare shi, don haka biyu cikin uku ba su kai kashi 75 ba ko da suna riƙe da hannun jari 800. Mai son a yi ƙirga bisa yawan hannun jari sai ya nemi hakan a wurin taron, sakatare kuma ya rubuta alƙaluman a bayanin taro.

Iyakar ikon masu rinjaye

Samun kashi 75 ba ya halatta komai. Gyara ba zai saɓa wa dokar ƙasa ko umarnin kotu ba. Ba za a tilasta wa wanda ya riga ya zama mai hannun jari ya sayi ƙari ko ya ɗauki ƙarin nauyin kuɗi ba sai ya yarda a rubuce. Idan gyaran ya shafi haƙƙin wani rukuni na hannun jari, kamar masu fifiko wajen rabon riba, sai an nemi amincewar rukunin daban.

Sannan akwai ma'aunin da kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta kafa a 1900, a shari'ar Allen da kamfanin Gold Reefs of West Africa: dole a yi gyara da kyakkyawar niyya, don amfanin kamfani baki ɗaya. A waccan shari'ar gyaran ya tsaya duk da cewa a aikace magadan mutum ɗaya ya shafa, domin an rubuta shi ya hau kan kowa, kuma ya taimaka wa kamfanin karɓo bashinsa. Sharaɗin fara yi wa na gida tayi shi ma ya hau kan duka ukun, don haka da wuya a rushe shi. Amma da an rubuta cewa masu rinjaye na iya ƙwace hannun jarin mai 200 duk sanda suka ga dama, ba tare da wani dalili da ya shafi kamfani ba, wannan a ganina zalunci ne, kuma yana da ƙofar zuwa kotu.

Mataki na ƙarshe: kai wa hukuma

A Najeriya ana miƙa kwafin ƙudurin ga hukumar rajistar kamfanoni, CAC, cikin kwana 15 da zartar da shi, a haɗa da kundin da aka gyara. A Birtaniya ma kwana 15 ne. Jinkiri na jawo tara, kuma banki ko mai son zuba jari da ya je bincike tsohon kundi zai tarar. Daga nan duk kwafin da kamfani zai ba wani ya kasance mai ɗauke da gyaran, a kuma adana sanarwar taro, takardun wakilci da bayanin taro mai sa hannun shugaban zaman a fayil ɗaya, don su za a nema idan wani ya ƙalubalanci gyaran.