Yadda ake yin istihara da yadda za a auna abin da zuciya ta ji bayanta

Istihara tana zuwa ne bayan mutum ya riga ya yi bincike da shawara, har ya karkata ga abu guda. Hadisin Jabir ɗan Abdullahi da Bukhari ya ruwaito ya fara ne da cewa idan ɗayanku ya yi niyyar wani al'amari, to ya sallaci raka'a biyu waɗanda ba na farilla ba. Saboda haka ba a yin ta a kan abin da yake wajibi ko haramun, sai a kan halal ɗin da ba a san ƙarshensa ba.

Mu ɗauki misalin mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, wanda wani abokin sana'a ya nemi su haɗa jari su ɗauko mota guda ta albasa daga Aliero a Jihar Kebbi, alhali kuɗin da zai zuba su ne kusan duk abin da ya tara. Matakin farko shi ne ya tambayi waɗanda suka taɓa hulɗa da mutumin, ya lissafa kuɗin mota da na lodi, da abin da kan ruɓe idan mota ta kwana a hanya. Idan bayan wannan ya ga zai shiga, sai ya yi alwala ya yi nafila raka'a biyu da niyyar istihara, da dare ko da rana, amma ya kauce wa bayan sallar Asuba kafin rana ta ɗaga, da bayan La'asar har zuwa faɗuwarta. Imam Nawawi ya so a karanta Ƙul ya ayyuhal kafiruna a raka'ar farko da Ƙul huwallahu a ta biyu, sai dai kowace sura aka karanta bayan Fatiha ta wadatar.

Bayan sallama sai ya karanta addu'ar da ta fara da "Allahumma inni astakhiruka bi ilmika", kuma babu laifi ya duba takarda idan bai haddace ba. Da ya iso wurin da ake cewa "hazal amra", sai ya ambaci buƙatarsa ƙarara, wato haɗa jari da wane a kan wannan mota. Abin da yake roƙo shi ne, idan al'amarin alheri ne ga addininsa da rayuwarsa da ƙarshen lamarinsa, Allah Ya ƙaddara masa shi, Ya sauƙaƙa, Ya sa albarka. Idan kuwa sharri ne, Ya kawar da shi daga gare shi, shi ma Ya kawar da shi daga al'amarin, Ya ba shi alheri a duk inda yake, sannan Ya sa ya yarda da shi.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin sukan kwanta suna jiran mafarki, wasu ma har su biya malami ya yi musu. Hadisin bai ambaci mafarki ba, kuma lafazinsa ya nuna mai buƙatar ne yake yi da kansa. Nawawi ya ce mutum ya bi abin da ƙirjinsa ya buɗe gare shi, wasu malaman kuma suka ce ya ci gaba da abin da ya yi niyya ko ya ji wani abu ko bai ji ba. A ganina, ji na zuciya shaida ne, amma sai an yi masa tambayoyi kafin a karɓe shi.

Tambaya ta farko ita ce ko wannan jin ya riga sallar zuwa. Idan tun ranar da aka faɗa masa ribar yake ɗoki, to farin cikin da ya ji bayan sallama tsohon kwaɗayinsa ne, bai ƙara masa wani sani ba. Ta biyu ita ce ko jin yana ɗorewa, domin natsuwa ta gaskiya takan kai washegari, ta tsaya ko da an sake buɗe littafin lissafi, amma zumuɗi yakan sauka da zarar an ambaci asara. Haka ma faɗuwar gaba: wanda bai taɓa fitar da kuɗi masu yawa ba dole gabansa ya faɗi ko da cinikin mai kyau ne, kuma wannan tsoron sabon abu ne kawai. Wanda ya kamata a saurara shi ne ƙuncin da yake komawa kan abu guda kullum, kamar yadda abokin yake sauya magana duk lokacin da aka ce a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu.

Idan bai ji komai ba, yana iya maimaita sallar, ko da yake ruwayar da ta ƙayyade sau bakwai mai rauni ce a wurin malaman hadisi. Daga nan sai ya fara ɗaukar mataki yana lura. Idan abokin ya amince da rubutu, aka samu direba amintacce, kuɗi suka haɗu ba tare da cin bashi ba, sai ya ci gaba. Idan kuwa ya yi iya ƙoƙarinsa amma abokin ya ƙi shaidu, ko wanda ya san shi ya zo da labarin da ba a sani ba a da, sai ya janye jarinsa. Jinkirin kwana ɗaya ko tashin kuɗin mota bai kai a kira shi toshewa ba, domin duk wanda yake ɗauko kaya daga Arewa zuwa Legas ya saba da irin wannan.