Moto na ƙonewa duk bazara? Lissafin zafi ne ba ku yi ba

Duk watan Afrilu sai ka ga masu injin casar shinkafa na wajen Kura da Bunkure suna jigilar moto zuwa wajen masu naɗin kwayil, kowa na cewa ai kayan yanzu ne ba su da ƙarko ko kuma wuta ce ba ta da kyau. Wani lokacin haka ne, amma sau da yawa moton lafiyarsa lau, mu ne muka ɗora mai kayan da ba zai iya ɗauka a cikin wannan zafin ba.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar lambar da ke kan farantin jikin moto kamar ko'ina haka take. In an rubuta 15 kW, to da sharaɗi ne, ƙa'idar IEC 60034-1 ta ce iskar da ke kewaye da shi kar ta wuce digiri 40, kuma wurin kar ya wuce mita 1000 daga saman teku. Da ka wuce nan ƙarfin da ya halatta ka ja ya ragu. Kuma zafin da ake nufi ba wanda wayarka ke nuna ma ba ne, iskar da fankar bayan moton ke zuƙa ce. Waya ta ce 41, amma ɗakin kwano mara silin da ƙaramar taga ɗaya, ga janareto a gefe yana huci, ƙarfe biyun rana ka rataye ma'aunin zafi kusa da murfin fanka kar ka yi mamaki in ka ga 50.

Mu ɗauki injin da ke cin 14.5 kW, aka sa mai moto 15 kW, mai shi na murna wai har da rara. Teburin rage ƙarfin moto na kamfanoni ya ɗan bambanta, amma a wanda aka fi gani digiri 45 ana ninkawa da 0.96, digiri 50 kuma 0.92. To 15 sau 0.92 ya ba ka 13.8 kW kenan, injin kuma na neman 14.5, ashe da rana bashi yake ci. Lissafin da ya kamata a yi kafin saye shi ne ka raba 14.5 da 0.92, ya ba ka kusan 15.8, ka ga 15 ta yi kaɗan sai ka haura zuwa na gaba wato 18.5 kW, wanda ko a digiri 50 zai ba ka wajen 17. Abin da ya sa ba a ganewa da wuri, moto ba ya mutuwa ranar. Banish ɗin kwayil ne ke gasuwa a hankali, duk ƙarin digiri 10 sama da iyakarsa na rage kwanansa da kusan rabi, sai wata rana ka ji ƙauri.

Na biyu kuma shi ya fi ba ni haushi wallahi, obalod, wato rilen da ke kare moto in ya ja wuta fiye da kima, na yanke wuta da rana sai yaron shago ya buɗe fanel ya murɗa shi sama don aiki ya tafi. Ƙasa ma ya kamata a yi da shi. Rilen nan amfiya kawai yake gani, bai san ɗakin da moton yake ya koma tanda ba. In faranti ya ce 29 A, a digiri 50 ka saita wajen 26 zuwa 27, ka sa kilamp mita lokacin da injin ke cike da shinkafa ka gani. In yana yankewa a haka to rage lodi, ko ka fasa bango ka yi taga, ko ka fitar da janareton waje. Ka kuma riƙa kakkaɓe ƙaiƙayi da dusar da ke toshe ragar fanka da tsagogin jikin moto, wannan kaɗai yana ƙara zafi sosai.

Batun tudu kuwa, mu nan bai dame mu ba, Kano ba ta kai mita 500 ba, Haɗejia ma ta fi ƙasa, kar wani ya caje ka kuɗin babban moto da sunan tsayi. Sai dai in aikin Jos ka samu da ta haura mita 1200, ko kan tsaunin Mambila wajen 1500 da ɗoriya. Can iska ba ta da kauri, fanka na juyawa daidai amma ba ta kwashe zafi kamar nan. A mita 1500 ana ninkawa da wajen 0.97, in kuma ɗakin ma ya kai digiri 50 sai ka ninka biyun, 0.92 sau 0.97, kusan 0.89, moto 15 kW ya dawo 13.4. In kuwa ɗakin na shan iska bai wuce 30 ba kamar yadda aka saba a can, sanyin ya biya ma abin da tsayin ya ci, ka sa motonka yadda yake.