Kurakuran awon majinyaci da ke sa likita zuwa a makare

Duba takardar awon majinyata a ɗakin kwanciya, sau da yawa za ka ga layin numfashi 20, 20, 20 daga safe har dare. Wannan ba ƙirge ba ne, kintace ne, kuma shi ya fi damuna, domin numfashi kan riga sauran alamu canzawa idan jiki ya fara rikicewa. Gyaransa minti ɗaya ne cur da agogo. Riƙe wuyan hannun majinyacin kamar bugun jini kake ji, idonka a kan ƙirjinsa. Kada ka ce "Baba, zan ƙirga numfashinka", don da ya sani zai sauya shi.

Ma'aunin NEWS2 na 2017, wanda ake gano majinyacin da jikinsa ya fara rikicewa da shi, yana ba kowace alama maki daga 0 zuwa 3, sai a haɗa jimilla. A ce magidanci ne, kwana biyu da aikin hanji bayan taifod. Bugun zuciyarsa 112, maki 2 ke nan. Lambar sama ta awon jini 104, maki 1. Zafin jiki 38.4, maki 1. Oksijin 96 ba tare da an sa masa iska ba, kuma yana cikin hayyacinsa, waɗannan ba su da maki. Idan aka rubuta numfashi 20, wanda ba shi da maki, jimilla 4 ce, sai a ce a ci gaba da lura. Amma da aka ƙirga, 26 ne, maki 3, jimilla ta koma 7. Wannan kiran gaggawa ne, don mai yiwuwa ɗinki ya saki ko cuta ta shiga jini.

Daga 5 zuwa 6 a kira likita maza, a koma awo duk awa. Daga 7 babu jira, manyan likitoci ake nema, ba a kuma ɗauke ido daga kansa. Maki 3 a alama ɗaya tak ma ya isa a kira likita. Idan mai jinya ta ce "Sista, tun ɗazu yake sambatu", sabon ruɗewa ke nan, maki 3 ne, kada a ce gigin barci ne. Ma'aunin dai ba na masu juna biyu ba ne, ba kuma na yara ƙasa da shekara 16 ba.

Na'urori ma suna ruɗi. A hunturun Zariya yatsu kan yi sanyi ƙarara, sai na'urar oksijin ta ƙi karantawa ko ta ba da lambar banza. Jan farce da baƙin lalle ma kan dame ta. A ɗumama hannun, a canza yatsa, a duba ko bugun da take nunawa ya yi daidai da wanda ka ji da hannunka. Ƙaramar ɗamarar awon jini a ƙaton dantse kuwa tana ɗaga lamba, ta ɓoye jinin da ke sauka. Idan ka maimaita awo sau ɗaya lambar ba ta canza ba, rubuta ta yadda take, ka kira likita.