Darasi: Lissafin Kuɗin Sallama Idan An Rage Ma'aikata a Birtaniya

Idan kamfani ya sallami ma'aikaci a Birtaniya saboda aikinsa ya ƙare, ba don ya yi laifi ba, doka ta ce a biya shi kuɗin sallama, muddin ya cika shekara 2 a jere yana aiki a wurin.

Da albashin mako ake lissafi. Kowace cikakkiyar shekarar da mutum ya yi yana ƙasa da shekara 22 a duniya, rabin albashin mako ke gare shi. Daga 22 zuwa 40, albashin mako ɗaya. Daga 41 zuwa sama, mako ɗaya da rabi. Ana ƙirgawa daga ranar barin aiki a koma baya, kuma ba a wuce shekara 20. Guntun watanni ba sa shiga: shekara 10 da wata 11, goma ce.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne iyakar albashin mako. Ko nawa mutum ke ɗauka, akwai adadin da lissafi ba ya hayewa. A ranar 6 ga Afrilu 2025 an tsayar da shi a fam 719 a Ingila, Sikotland da Wales, kuma duk watan Afrilu ake sake duba shi, don haka sai ka nemi adadin da ke aiki lokacin sallamarka.

A ce ma'aikaci bai daɗe da cika shekara 45 ba, ya yi shekara 10 cur, yana ɗaukar fam 900 a mako. Shekara 4 na ƙarshe ya yi su ne bayan ya cika 41, sun ba shi mako 6. Sauran shekara 6 sun ba shi mako 6, jimla mako 12. Shi a ransa zai buga 12 sau 900, ya sa rai da fam 10,800. Ina! In an bi iyakar da aka tsayar a Afrilu 2025, da 719 za a buga, abin da zai shiga hannunsa fam 8,628 ne. Lura kuma, ba duk shekaru goman ake biya a mako ɗaya da rabi ba don kawai yau ya haura 41. Shekarunsa a lokacin da ya yi aikin ake dubawa. Wanda albashinsa bai kai iyakar ba kuwa, da ainihin albashinsa ake lissafi, kafin cire haraji.

Wannan mafi ƙarancin haƙƙi ne, takardar ɗaukar aiki tana iya ba da fiye da haka, sai a karanta ta. Mutum yakan rasa kuɗin idan kamfani ya ba shi wani aiki da ya dace da shi ya ƙi karɓa ba dalili. In kuma an ƙi biyanka, rubuta wa kamfanin takardar neman haƙƙinka kafin wata 6 su cika daga ranar barin aiki.