Yadda Ake Karanta Maƙalar Kimiyya a Shekarar Farko: Tsakure, Hanyar Bincike da Iyakoki

Kuskuren da na fi gani a aikin ɗaliban aji ɗaya shi ne su karanta tsakuren maƙala, su kwafe jimlarsa ta ƙarshe, su rubuta "bincike ya tabbatar". Idan na tambayi ɗalibi mutum nawa aka bincika, sai ya yi shiru, domin bai wuce shafin farko ba. Ga yadda nake sa su yi.

Fara da tsakure, wato sakin layin da ke ƙarƙashin kanun `Abstract`, amma kada ka ba shi fiye da minti biyar. Aikinsa ya sanar da kai ko maƙalar ta shafi abin da kake nema. Ka ciro abu biyu kawai, ka rubuta su da kalmominka: tambayar da masu binciken suka yi, da amsar da suka ce sun samu. Sai ka ja layi ƙarƙashin aikatau ɗin amsar. Sun ce abu kaza "yana jawo" kaza, ko kuwa "yana da alaƙa da" shi? Tsakanin waɗannan biyu akwai rata mai faɗi, kuma a nan ɗalibai ke zamewa. Mawallafi ya rubuta alaƙa, ɗalibi ya mayar da ita sanadi.

Wani lokaci tsakuren kaɗai za ka gani kyauta, sauran maƙalar sai an biya. Kada ka biya daga aljihunka. Ka nema ta ɗakin karatun makarantarku, ko ka aika wa mawallafin saƙo, da yawansu suna turo kwafi. In ba ka samu cikakkiyar maƙalar ba, to kada ka kafa hujja da ita.

Daga nan ka tsallake gabatarwa, ka tafi kai tsaye sashen `Methods`, hanyar da aka bi aka yi binciken. Ni ma a shekarata ta farko wannan sashen nake gudu, ina ganin na manya ne saboda lissafin da ke ciki. Ashe ba lissafin ake buƙata daga gare ni ba. Tambayoyi huɗu ne: su wa aka bincika, su nawa ne, da su wa aka kwatanta su, kuma yaya aka auna abin da ake magana a kai. In sunan wani gwajin ƙididdiga ya tsaya maka, ka wuce shi a yanzu.

Mu gwada da maƙalar da Richard Doll da Austin Bradford Hill suka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 1950, kan shan taba da sankarar huhu. Tsohuwar maƙala ce, taƙaitawarta na can ƙarshe, amma na fi son koyarwa da ita saboda komai nata a fili yake.

Su wa aka bincika? Majinyata a asibitoci 20 na Landan. Su nawa? Masu sankarar huhu 709, maza 649 da mata 60. Da su wa aka kwatanta su? Kowane mai sankara an haɗa shi da wani majinyaci wanda ba sankara ke damunsa ba, jinsinsu ɗaya, shekarunsu kusa da juna. Yaya aka auna shan taba? Tambayar majinyatan aka yi baki da baki. Kuma masu binciken sun faɗi abin da suke nufi da mashayi: wanda ya taɓa shan aƙalla kara ɗaya a rana har tsawon shekara guda. Kada ka raina irin wannan jimlar. Wanda ya sha taba wata shida ya bari, a wannan maƙala yana cikin waɗanda ba sa sha.

Yanzu ka leƙa sakamakon. A cikin maza 649 masu sankara, mutum 2 ne kacal ba mashaya ba. A cikin 649 da aka kwatanta su da su, mutum 27 ne. Na sha ganin ɗalibi ya ɗauki adadin farko shi kaɗai ya rubuta cewa kusan duk masu sankarar huhu mashaya ne, shi ke nan an gano sanadi. To, ai ɗaya rukunin ma 622 daga cikinsu mashaya ne, domin a wancan zamani mazan Birtaniya kusan kowa na sha. Adadin farko ba ya cewa komai sai an ajiye shi kusa da na biyu. Hujjar tana cikin bambancin 2 da 27, da kuma yadda masu zuƙar taba da yawa suka fi rinjaye a rukunin masu sankara.

Akwai kuma abin da wannan tsari ba zai iya ba ka ba. An fara ne da mutanen da suka riga suka kamu, aka waiwayi baya. Saboda haka ba za ka iya cewa daga cikin mashaya ɗari, mutum kaza ne za su kamu ba, tunda masu binciken ne da kansu suka zaɓi yawan masu cutar da yawan marasa ita. Duk maƙalar da ka buɗe, ka tantance wannan: waiwaye aka yi, ko bin mutane aka yi shekara da shekaru ana jiran a ga wa zai kamu, ko kuwa raba su aka yi gida biyu ta hanyar ƙuri'a aka ba wa wasu magani? Tsari na ukun ne ya fi ƙarfin nuna sanadi, amma ba wanda zai raba jama'a ya ce wasu su kama shan taba.

Ƙa'idata ita ce, kafin ka karanta iyakokin da mawallafa suka lissafa, ka rufe maƙalar ka rubuta naka guda biyu. Wanda ya amsa tambayoyi huɗun nan ba zai rasa ba. A misalinmu, mutum na iya manta yawan tabar da ya sha shekaru ashirin baya, kuma mai ciwon huhu zai fi tunawa da ita fiye da mai ciwon ƙafa. Mai yin tambayar ma, in ta san cutar majinyaci, tana iya matsa masa fiye da wani.

Sai ka nemi nasu. Wasu mujallu na ba su kanun `Limitations`, amma sau da yawa suna ɓoye a sakin layi na kusa da ƙarshen sashen `Discussion`. Abin dubawa shi ne ko sun yi wani abu a kan matsalar, ko ambata ta kawai suka yi. Doll da Hill sun yi. Akwai majinyatan da aka yi wa tambayoyi ana zaton sankarar huhu ce da su, daga baya aka gano ba ita ba ce. Da aka duba amsoshinsu, shan tabarsu ya yi kama da na marasa sankara. Da zaton mai tambaya ne ke kumbura amsa, da su ma sun fito a manyan mashaya.

In ka ga iyakar da ka rubuta ba ta cikin tasu, ka ajiye ta, ita ce abin da za ka tayar a aji. In kuma duk abin da suka ce shi ne "ana buƙatar ƙarin bincike", wannan ba iyaka ba ce, kowa na rubuta ta. Su Doll dai sun yi ƙarin da gaske: a 1951 suka aika wa likitocin Birtaniya takardar tambayoyi kan shan tabarsu, aka bi waɗanda suka amsa har shekara 50.

Ƙarshe, koma kan jimlar da ka rubuta daga tsakure ka gyara ta. Sa mata su wa aka bincika, a ina, su nawa, da irin tsarin da aka bi. "Bincike ya tabbatar taba na jawo sankara" za ta koma: "A wani binciken waiwaye a asibitocin Landan da aka buga a 1950, marasa shan taba 2 ne cikin maza 649 masu sankarar huhu, amma 27 ne cikin 649 marasa ita." Wannan jimlar za ka sa a aikinka.