Darasi na Shida: Gane Ƙwai, Madara da Dafaffen Wake Idan Sun Lalace

Mu fara da ƙwai, don shi ne mafi sauƙin gwadawa. A ɓangarensa mai faɗi akwai ɗan gurbin iska a cikin ɓawo. Kullum ƙwai ya ƙara kwana, ruwan cikinsa na raguwa ta ƙananan ƙofofin ɓawon, gurbin nan kuma yana ƙara girma. Shi ya sa ruwa ke tona asirin tsohon ƙwai.

Ku cika kwano mai zurfi da ruwan sanyi, ku saka ƙwan a hankali. Wanda ya nutse ya kwanta a gefensa sabo ne. Wanda ya nutse amma ya miƙe tsaye ya kwana biyu, a dafa shi sosai a ci da wuri. Wanda ya taso sama ya tsufa ƙwarai, a zubar. Sai dai ruwa tsufa kawai yake nunawa. Don haka kowane ƙwai a fasa shi a ƙaramin kofi shi kaɗai kafin a haɗa da sauran. Idan wari ya tashi, ko farin ya sauya zuwa kore ko ja-ja, bara-gurbi ne, kuma kun tsirar da sauran.

Ɗanyen ƙwai kan yi mako 3 zuwa 5 a firji. Dafaffe kuwa mako ɗaya ne. Kada a wanke ƙwai sai za a yi amfani da shi, domin wanki na cire siririn rufin da ke toshe ƙofofin ɓawon. Mai tsagaggen ɓawo ba a ajiye shi.

Madara ba ta da haƙurin ƙwai. A lokacin zafi, 'yan sa'o'i sun isa ɗanyar madara ta juya. In kuna shakka, ku ɗebi cokali biyu ku ɗora a wuta. Mai kyau za ta tafasa sumul. Wadda ta fara tsami za ta tsinke, ku ga gudaji a gefe guda, ruwa tsararo a gefe guda. Madarar da aka tafasa, ko ta kwali da aka riga aka buɗe, a shanye ta cikin kamar kwana 3 tana firji. Kwalin da ya kumbura tun ba a buɗe ba, kada ma a ɗanɗana.

Dafaffen wake shi ne ya fi yaudarar mutane, a nan za mu ɗan daɗe. Alamun da kowa ya sani su ne tsami, kumfa a sama, da yauƙi idan an ɗaga cokali. In an ga ɗaya daga ciki, magana ta ƙare. Matsalar ita ce, wake na iya sa amai da gudawa alhali ƙamshinsa da ɗanɗanonsa lafiya lau. Wasu ƙwayoyin cuta ba sa mutuwa duka a tafasa. Da abinci ya huce ya koma ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos, sai su farfaɗo su yi ta hayayyafa. Wasunsu na barin guba wadda ɗumame ba ya kashewa. Saboda haka a sha'anin wake, agogo ya fi hanci gaskiya.

Ga misali. An sauke tukunyar wake da ƙarfe 12 na rana, aka ci, ya ragu. Ƙa'ida ita ce kada ya wuce sa'a 2 a waje, in kuma zafin gari ya haura digiri 32, sa'a ɗaya ce. Kenan in zafin bai kai haka ba, zuwa ƙarfe 2 ya kamata ragowar ta shiga firji. Kada a tura tukunyar gaba ɗaya, domin tsakiyarta kan daɗe da ɗumi. A rarraba a ƙananan mazubai marasa zurfi, a rufe. A haka zai yi kwana 3 zuwa 4, a firiza kuma watanni. Idan za a ci, a ɗebi iya na ci, a ɗumama har ya yi tururi ciki da waje.

In babu firji fa? To, a dafa daidai ci, ko a bar tukunyar kan wuta kaɗan-kaɗan tana tururi har lokacin ci na gaba. Waken da ya kwana a waje da sanyinsa, ni dai ba zan ba yaro ko mai juna biyu ko tsoho ba, zubarwa ya fi. In wutar lantarki ta ɗauke, firjin da ba a buɗewa kan riƙe sanyinsa kamar sa'a 4.

Aikin gida: An sauke wake da ƙarfe 6 na yamma, ana tsananin zafi. Ku rubuta lokacin da ya kamata ya shiga firji. Sannan ku gwada ƙwai uku a ruwa, ku zana yadda kowanne ya zauna.