Yadda ake wanke tukunyar da kitse ya daskare a ciki, da maganar zuba gishiri ko lemun tsami a sabulu

Duk wadda ta taɓa wanke tukunyar suyar naman layya washegarin sallah ta san abin da nake nufi, kitse ya kwana ya yi fari fat ya manne a gindin tukunya, ki zuba ruwa ki ga ruwan yana gudu a kai kamar an zuba a bayan agwagwa. A nan ne kowa ke kawo tasa dabarar, wata ta ce ki watsa gishiri a ruwan wanke-wanken, wata ta ce a'a lemun tsami za ki matse a cikin sabulun. Ni ma na daɗe ina matsawa, har sai da na lura wata rana kumfar ma mutuwa take yi. Toh bari mu bi abin daki-daki da tukunyar nan ta kitse.

Sai an fara sanin me sabulun yake yi tukuna. Mai da ruwa ba sa haɗuwa, wannan kowa ya sani. Shi sabulu ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace ɗaya tana da kai da jela, kan yana son ruwa, jelar kuma mai take so, ba ta shiri da ruwa ko kaɗan. Idan kika sa sabulu a kan maiƙo sai jelolin su nutse cikin man, kawunan su tsaya a waje cikin ruwa. Da kin sa soso kin goga, man sai ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo, kowane ɗigo ƙwayoyin sabulu sun kewaye shi ta ko'ina, ba zai iya komawa ya haɗe da ɗan uwansa ba, ba zai iya sake kama tukunya ba, yana nan yana yawo a ruwa har ki ɗauraye ya tafi. Shi ya sa ruwan wanke-wanke ke yin fari-fari kamar an ɗiga madara, man ne a ciki. Kinga kenan sabulu ba cinye mai yake ba, ɗaukarsa yake, kuma kowane cokali na sabulu akwai iya man da zai iya ɗauka, idan ya cika shikenan ya gama aiki.

Matakin farko ba sabulu ba ne ma. Ki kwashe kitsen. Ki sa cokali ko ludayi ki kankare duk wanda zai kankaru tun yana daskare, sannan ki ɗora tukunyar a wuta kamar minti 1 ko 2 sauran ya narke, ki goge da tsohuwar takarda ko tsumman da za ki yar. Duk kitsen da kika cire a nan sabulun da kika tsirar ne. Kuma kar ki tuttule narkakken kitse a rariya ko a bututun sinki, can ciki zai je ya huce ya daskare ya toshe miki hanya.

Sai ruwan zafi, kuma wallahi rabin aikin nan ne. Jelar sabulu ba ta iya shiga kitsen da ya yi tauri sosai, sai ya narke tukuna. Manja yana narkewa wajen digiri 35, shi ya sa da hunturu kike ganinsa ya yi bacci a galan, da zafi kuma ya tsinke. Kitsen sa da na rago ya fi taurin kai, sai wajen digiri 40 zuwa 50. To ruwan randa ko na famfo da safiyar sanyi ba zai taɓa narka shi ba ko kwalbar sabulu guda kika juye. Ruwan da ake so shi ne wanda hannunki zai shiga amma ba zai so daɗewa ba. Ki zuba a tukunyar ya rufe inda maiƙon yake, ki sa sabulun ruwa kamar cokalin shayi ɗaya, ki motsa, ki rufe ki bar shi minti 10. Kar ki bari ya huce gaba ɗaya, don in ya huce kitsen da bai riga ya shiga sabulu ba zai sake daskarewa a gefe, ki ga zobe fari ya zagaye tukunyar.

Bayan nan ki zubar da wannan ruwan na farko, ki ɗiga sabulu a jikin soso, ki dirje, ki ɗauraye da ruwan ɗumi. Yadda za ki gane ta fita: ki watsa ruwa a ciki, in ruwan ya shimfiɗu ya gangara baki ɗaya to ta fita, in kuma ya dunƙule ya yi ƙwaya-ƙwaya akwai sauran mai. Ko ki ja yatsa, tukunyar da ta fita tana ɗan yin ƙara tana riƙe yatsa, wadda ba ta fita ba santsi za ki ji. Sauran kwanuka kuwa a bahon da ya ci lita 4 ko 5 sabulu cokalin shayi 1 zuwa 2 ya isa, ki fara da kofuna da cokula, masu maiƙo su zo ƙarshe, in kin ga kumfa ta kwanta kuma mai ya fara yawo a saman ruwan to ki canza ruwa, ƙara sabulu a wannan ruwan asara ce.

Yanzu gishiri. Gishirin da ya narke a ruwan wanke-wanke ba ya ɗauke mai, ba shi da waccan jelar, ruwan gishiri ne kawai. Ina ganin inda maganar ta samo asali wajen masu haɗa sabulun ruwa ne a gida, masu sayen salfonik da tekzafon da soda. Su suna zuba gishiri, gaskiya ne, amma don kauri suke zubawa. Gishiri kaɗan, kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100, yana sa sabulun ya yi yauƙi ya yi kauri kamar na kanti, in aka zarce kuma sai ya tsinke ya koma ruwa-ruwa ko ya yi duhu-duhu ya rabu. Kauri kuwa ba ƙarfi ba ne, sabulu mai kauri zai iya zama rabinsa ruwa ne da gishiri, wannan ma ki riƙe shi in kin je saye. In kuma sabulun sanda kike amfani da shi, irin na wanki ko sabulun salo, gishiri mai yawa cutarsa yake yi, yana hana shi narkewa a ruwa. Masu dafa sabulu da gishirin ma suke raba sabulun da ruwansa ya taso sama. Shi ya sa sabulun sanda ba ya kumfa a ruwan zartsi.

Amma akwai inda gishiri ke da rana. Bayan kitsen ya fita, sau da yawa akwai baƙin ƙonewar nama da ya kama gindin tukunya. Ki tsiyaye ruwan, ki bar ɗan damshi kawai, ki zuba gishiri mai tsakuwa-tsakuwa kamar cokali 2, ki ɗiga sabulu kaɗan a kai ki dirje. A nan aikin yashi yake yi, kankara kawai, kuma da ya narke aikinsa ya ƙare, don haka in kika cika ruwa kin ɓata. Ki ɗauraye nan take, kar ki bar gishiri ya kwana a tukunyar dalma ko ta silba, yana cin ƙarfen ya bar ƙananan ramuka. Kaskon nan mai baƙin shafe wanda abinci ba ya kamawa kuwa kar ki kai masa gishiri sam, zai karce shafen.

Lemun tsami shi ne ya fi ruɗar mutane, saboda hotonsa na jikin robar sabulu kuma ƙamshinsa na sa a ji kamar abu ya fita. Na jikin robar yawanci ƙamshi ne aka saka. Ruwan lemun tsami asid ne, mai kuwa ba asid ke sassauta shi ba, abin da ke sassauta shi kishiyar asid ne, irin su toka da kanwa da soda. Iyayenmu da ke wanke tukunya da toka sun san abin da suke yi, ai da ruwan toka da mai ake dafa sabulun salo.

Ki gwada da kanki. Ki kankaro sabulun sanda kaɗan ki narka a kofin gilas na ruwan ɗumi, ki kaɗa ya yi kumfa, sai ki matse rabin lemun tsami a ciki. Kumfar za ta faɗi, ruwan ya yi gajimare, ki ga wani abu fari-fari yana tasowa, in kin taɓa maiƙo za ki ji. Sabulun sanda da mai aka yi shi, tsamin ya warware shi ya mai da shi wani abu mai kama da man da ya fito, kinga maimakon ki rage maiƙo kin ƙara. Sabulun ruwa na kanti ya fi jure tsami, ba zai mutu haka ba, amma ba abin da lemun ya ƙara masa wajen ɗaukar mai.

Lemun aikinsa bayan an gama wankin ne. Ƙarnin kifi da ke maƙale a faranti da wuƙa da hannu, abin da ke kawo shi kishiyar asid ne, da ya haɗu da tsami sai ya daina tashi zuwa hanci. Ki wanke da sabulu ki ɗauraye, sannan ki goga ɓarin lemun, ki bar shi minti 2 ki sake ɗaurayewa. Haka farin dattin nan mai kama da alli da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari a cikin butar shayi da kan kofin gilas, sabulu ba ya taɓa shi amma tsami na narka shi: lemun 3 ko 4 a lita ɗaya ta ruwa, ki tafasa, ki bar shi ya huce a ciki. Tukunyar dalma da ta yi baƙi-baƙi daga ciki ma haka za ki yi mata ta yi haske, kuma wannan baƙin sau da yawa kanwa ko toka ce ke jawo shi, don haka in kin yi amfani da su kar ki jiƙa dalma a ciki ta daɗe. Gishiri da lemun a haɗe kuma na tiren tagulla ne da ya dushe, nan kam suna aiki tare sosai.

Abu ɗaya da ba wasa a ciki, kar ki taɓa haɗa lemun tsami ko tsamiya ko binega da bilic, irin su haifo. Yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi da ƙona ido, ballantana a ƙaramin kicin da ba taga.

Robar da aka zuba miyar manja kuwa ko kin bi duk matakan nan za ki ji tana ɗan santsi, saboda ita roba son mai take, tana riƙe shi fiye da ƙarfe ko tangaran. Ki shafa mata sabulun ruwa a bushe ba ruwa, ki murza da yatsa ko'ina har lungun murfin, ki bar shi minti 5 kafin ki kawo ruwan ɗumi. Jan da ya rage launin manjan ne ya shiga jikin robar, lemun ba zai fitar da shi ba, ki buɗe ta ki shanya a rana yini ɗaya ko biyu za ki ga ya kode.